Yadda A Ke Neman Karkataccen Layin Kusanta Da Iyaka Biyu

Duk wanda ya taɓa zana lanƙwasa a kan takarda mai gida-gida ya san takardar tana ƙarewa, amma lanƙwasar ba ta ƙarewa. In mun kai bakin takarda, sai tambaya ta taso: daga nan ina ta nufa? Waɗansu lanƙwasoshi su kan miƙe sama da sauri, babu layin da zai iya binsu. Waɗansu su kan kwanta. Akwai kuma waɗanda su kan kama wani miƙaƙƙen layi wanda ya karkata, su yi ta matsowa kusa da shi, har in an yi nisa ido ba ya iya rarrabe su. Wannan layi shi masana lissafi su ke kira asimtot, mu kuwa a nan za mu kira shi layin kusanta. Kalmar ta Girkanci ce, ma'anarta waɗanda ba su haɗuwa, kuma Apollonius mutumin Perga ya yi aiki da ita cikin littafinsa na yankan mazugi, wajen shekara 200 kafin Miladiyya.

Abin da mu ke so mu nuna cikin wannan darasi shi ne, ana samun layin nan da tambaya biyu, ɗaya na bin ɗaya, kuma sai an sami amsar dukkansu kafin a ce akwai layi. Ta biyun ita ce wadda a ka fi yi wa gaggawa, ita ce kuwa mai yanke hukunci.

Abin da mu ke nema

Bari mu fara daidaita magana. Muna da wata ƙa'ida, f, wadda in an ba ta lamba x sai ta ba da tsayin lanƙwasa a wurin, watau f(x). Kowane miƙaƙƙen layi wanda ba a tsaye ya ke ba ana rubuta shi y = mx + c. A nan m shi ne hawan layin, watau yawan abin da ya ke hawa in an yi taki ɗaya zuwa dama. Shi kuwa c shi ne tsayin layin a inda x ya ke sifiri. In mun san m da c, mun san layin sarai.

Iyaka kuma, a bakin masu lissafi, ita ce lambar da wani abu ya ke ta kusanta, har ya zamana duk ƙanƙantar tazarar da a ka ambata, in an yi nisa sosai abin zai shiga cikinta, ba zai sake fita ba. Misali, 6/x iyakarsa sifiri ce in x ya yi ta girma ba tsayawa, gama a x = 600 ya zama 0.01, a x = 6000 ya zama 0.001, haka har abada.

To, mu kan ce y = mx + c layin kusanta ne ga f in tazarar da ke tsakaninsu, a tsaye, iyakarta sifiri ce. A rubuce:

f(x) − (mx + c) → 0 in x → ∞

Alamar nan ta ƙarshe ba lamba ba ce. Gajeriyar hanya ce ta cewa x yana girma ba matuƙa.

Inda tambayoyin biyu su ka fito

Mu ɗauka akwai layin, mu ga abin da ya wajaba a kansa. Mu kira tazarar r(x). Ashe ke nan f(x) = mx + c + r(x), r(x) kuwa yana tafiya sifiri. Yanzu mu raba kowane ɓangare da x:

f(x)/x = m + c/x + r(x)/x

In x ya girma, c/x ya kan narke, tun da ya ke c lamba ce tsayayyiya, a ka raba ta da abin da ba ya daina girma. Shi r(x)/x ya fi shi saurin narkewa. Abin da ya rage shi ne m kaɗai. Sabo da haka tambaya ta fari ita ce, mece ce iyakar f(x)/x? In akwai layi, amsar ita ce hawansa, babu wata.

Da samun m, sai mu koma ga maganar fari, mu ɗebe mx daga kowane gefe: f(x) − mx = c + r(x). Da ya ke r(x) yana tafiya sifiri, abin da ya rage shi ne c. Tambaya ta biyu ke nan: mece ce iyakar f(x) − mx?

m = lim f(x)/x, sa'an nan c = lim [f(x) − mx]

A lura da wani bambanci tsakaninsu. Tambaya ta fari cewa kawai ta ke yi, in akwai layi, ga hawan da zai zama nasa. Ba ta ce akwai shi ba. Ta biyu kuwa, in ta ba da lamba c, to, f(x) − mx − c yana tafiya sifiri ke nan, wannan kuwa shi ne ainihin ma'anar layin kusanta. Abin kamar matafiya biyu ne bisa hanya ɗaya. Tambaya ta fari ta gaya mana cewa, in an dubi doguwar tafiya, saurinsu ɗaya ne. Ta biyu ita ke gaya mana ko ratar da ke tsakaninsu ta zauna a kan wani adadi, ko kuwa tana buɗewa sannu sannu.

Misali mai sauƙi, don a gwada awon

Mu fara da wanda za a iya duba amsarsa ta wata hanya dabam:

f(x) = (2x² + 3x + 1)/(x − 1)

In mun raba da x, na ƙasa ya zama x² − x. Mu raba na sama da na ƙasa da x², sai mu sami (2 + 3/x + 1/x²)/(1 − 1/x). Duk masu x a ƙarƙashinsu sun narke, saura 2/1. Ashe m = 2.

Sai mu ɗebe 2x. Don a iya ɗebewa, mu rubuta 2x a matsayin (2x² − 2x)/(x − 1). Na sama ya zama 2x² + 3x + 1 − 2x² + 2x, watau 5x + 1. To, f(x) − 2x = (5x + 1)/(x − 1), iyakarsa kuwa 5. Layin shi ne y = 2x + 5.

Mu duba da lamba. A x = 101, na sama 20706 ne, na ƙasa 100, sabo da haka f = 207.06. Layin kuwa ya ba da 207. Tazarar 0.06 ce kurum. Wanda ya iya doguwar rabawa zai ga f(x) = 2x + 5 + 6/(x − 1), hanya biyu sun kai gida ɗaya.

Akwai kuskuren da a kan yi a nan. Mai gaggawa ya kan dubi manyan ɓangarori, 2x² a sama da x a ƙasa, ya ce layin y = 2x ne, ya rufe littafi. Amma a x = 101 wannan layi ya ba da 202, tazara ta fi 5, kuma ko an kai miliyan ba za ta sauko ƙasa da 5 ba. Layin y = 2x yana tafiya kafaɗa da kafaɗa da na gaskiya, amma kama da wane ba wane ba ne.

Misalin da rabawa ba ta iya yi masa kome

Mai karatu zai ce, in doguwar rabawa ta isa, ina amfanin iyakoki? Amfaninsu shi ne, rabawa tana aiki ne kawai in f rabon jimla biyu ne irin na sama. Ga wadda ba haka ta ke ba:

f(x) = √(x² + 4x)

Alamar √ tana nufin tushe, watau lambar da in an ninka ta da kanta za ta ba da abin da ke ciki, kuma kullum wadda ba ta ƙasa da sifiri a ke ɗauka. Wannan ƙa'ida tana da ma'ana in x ya kai sifiri ko ya wuce, ko kuwa in ya kai −4 ko ya yi ƙasa da haka. Tsakanin −4 da 0 abin da ke cikin tushen ƙasa da sifiri ya ke, babu lanƙwasa a wurin. Ashe lanƙwasar reshe biyu gare ta, na dama da na hagun. Mu fara da na dama.

Tambaya ta fari. Da ya ke x ya fi sifiri, muna iya shigar da shi cikin tushen ya zama x², sai mu sami f(x)/x = √(1 + 4/x). Shi 4/x ya narke, saura √1. Ashe m = 1.

Tambaya ta biyu. Muna neman iyakar √(x² + 4x) − x. A nan ne wahalar ta ke, gama abu biyu ne masu girma ba matuƙa, a ke ɗebe ɗaya daga ɗaya. Kada a ce babba ya cinye babba saura sifiri, kada kuma a ce tun da 4x yana girma, ragowar ma tana girma. Duka biyu zato ne. Dabarar ita ce a tuna da cewa (a − b)(a + b) = a² − b². Mu ninka abin namu da √(x² + 4x) + x, mu kuma raba shi da shi, don kada ƙimarsa ta sāke. Na sama ya zama (x² + 4x) − x², watau 4x. To:

f(x) − x = 4x / [√(x² + 4x) + x]

Ɗebewa ta tafi, tarawa ta zo, tarawa kuwa ba ta ɓoye kome. Mu raba sama da ƙasa da x, sai mu sami 4/[√(1 + 4/x) + 1]. In x ya girma, na ƙasa ya tafi 1 + 1, sabo da haka iyakar 4/2 ce. Ashe c = 2, layin kuwa y = x + 2.

Gani ya kori ji, mu gwada da lambobi. A x = 10, f shi ne tushen 140, wajen 11.8322, layin ya ba da 12, tazara 0.1678. A x = 100, f wajen 101.9804 ne, layin 102, tazara 0.0196. A x = 1000, f wajen 1001.9980 ne, layin 1002, tazara 0.0020. Duk sa'ad da x ya ninku goma, tazarar ta kan ragu zuwa wajen ushirinta, kuma kullum lanƙwasar tana ƙarƙashin layin.

Dalilin wannan ba ɓoyayye ba ne. In an ninka x + 2 da kansa, ana samun x² + 4x + 4, wanda ya ɗara abin da ke cikin tushenmu da 4 daidai. Sabo da haka tazarar ita ce 4 a raba da jimlar tsayin layi da tsayin lanƙwasa. Na sama ya tsaya cik a kan 4, na ƙasa yana ta girma, shi ya sa tazarar ba ta ƙarewa ƙaf, ba ta kuma daina raguwa. Wannan lanƙwasa rabin sama ce ta (x + 2)² − y² = 4, irin wadda a ke kira haifabola, ita ce kuwa Apollonius ya yi wa bayanin layukan kusanta.

Reshen hagun

Ba a ɗauka cewa abin da a ka samu a dama shi ne a hagun. A misalinmu na fari layi ɗaya ne ya yi wa ɓangarorin biyu, gama 6/(x − 1) yana narkewa ko wane gefe a ka bi. A nan kuwa ba haka ba ne, kuma ko a ido an san haka: a x = −100, layin y = x + 2 ya ba da −98, alhali tushe ba ya sauka ƙasa da sifiri.

Inda a kan yi tuntuɓe shi ne wajen shigar da x cikin tushe. In x ƙasa da sifiri ya ke, √(x²) ba x ba ne, −x ne. Tushen (−100)² ai 100 ne. Hanya mafi lafiya ita ce a rubuta x = −t, a bar t ya yi ta girma bisa sifiri. Sai f ya zama √(t² − 4t).

Tambaya ta fari: f/x = −√(t² − 4t)/t = −√(1 − 4/t), iyakarsa −1. Ashe m = −1.

Tambaya ta biyu: f − mx ya zama f + x, watau √(t² − 4t) − t. Da dabarar ɗazu, wannan shi ne −4t/[√(t² − 4t) + t], iyakarsa −2. Layin hagun shi ne y = −x − 2.

A x = −100, f shi ne tushen 9600, wajen 97.9796, layin kuwa ya ba da 98. Ya yi daidai. Lanƙwasa ɗaya ke nan da layukan kusanta biyu, waɗanda su ka gitta juna a inda x = −2, y = 0, tsakiyar wurin nan da babu lanƙwasa.

Inda ta fari ta amsa, ta biyu ta ƙi

Yanzu mu zo ga abin da mu ka ce a fari, cewa tambaya ta biyu ita ke yanke hukunci. Mu ɗauki f(x) = x + √x. In an raba da x ana samun 1 + 1/√x, iyakarsa 1. Hawa ya samu, m = 1, kamar dai misalin da ya wuce. Amma f(x) − x = √x, wanda ya ke 10 a x = 100, ya zama 100 a x = 10000, ya zama 1000 a x = 1000000. Ba shi da iyaka. Duk c ɗin da mutum ya zaɓa, kome girmansa, akwai wurin da lanƙwasar za ta tsallake layin y = x + c ta bar shi a baya. Ba kuwa za a tsira da sāke hawa ba, gama mun riga mun nuna cewa in akwai layi, hawansa 1 ne tilas. Ashe wannan lanƙwasa ba ta da layin kusanta ko kaɗan, ko da ya ke in an zana ta a babbar takarda sai ta yi kamar miƙaƙƙiya.

Ta biyu ta kan ƙi ta wata fuska kuma. A f(x) = x + sin x, hawan 1 ne, amma f(x) − x yana kai da kawowa tsakanin −1 da 1, bai taɓa zama wuri ɗaya ba. Ratar ba ta buɗe ba, ba ta kuwa zauna ba, sabo da haka nan ma babu layi.

In ta fari ce ta ƙi, aiki ya ƙare tun daga nan. Ga f(x) = x², f(x)/x shi ne x, yana girma ba matuƙa, babu layin da zai bi ta. In kuwa ta fari ta ba da m = 0, sai a ci gaba yadda a ka saba: ta biyu ta zama iyakar f(x) kansa, in ta samu layin kwantacce ne, y = c. Shi √x yana ba da m = 0, amma ba shi da kwantaccen layi, don ta biyu ta ƙi.

Gargaɗi game da lambobi

Gwaji da lambobi yana da kyau don dubawa, amma kada a ciro m daga gare shi. Ga dalili. A misalin √(x² + 4x), a x = 1000, f/x wajen 1.002 ne. Wanda ya ce ai wannan ya yi kusa, ya ɗauki m = 1.002, ya ɗebe mx, zai sami 1001.998 − 1002, kusan sifiri, ya ce c = 0. Ya ɓatar da 2 ɗin gaba ɗaya, gama tana ɓoye ne cikin 0.002 ɗin nan da ya raina. In kuma ya gwada a x = 1000000, layinsa zai wuce lanƙwasar da kusan 2000. Kuskuren da ke cikin m, kome ƙanƙantarsa, x ya kan ninka shi. Don haka dole a sami m daidai ta hanyar aljabara, sa'an nan a taɓa tambaya ta biyu.

Alamar gane kuskure kuwa mai sauƙi ce. A auna tazarar layi da lanƙwasa a wuri uku masu nisa da juna, kamar 10 da 100 da 1000. In tana raguwa zuwa sifiri, alama ce mai kyau. In ta zauna a kan wata lamba, hawa daidai ne amma c ya kuskure da wannan lamba. In tana ninkuwa goma yadda x ke ninkuwa, m ne ya kuskure. In kuwa tana girma amma ba ta kai saurin x ba, kamar yadda √x ya yi, to, a yi zaton babu layi, a koma ga aljabara a tabbatar.

Abu ɗaya ya rage. Sunan Girkanci ya ce ba su haɗuwa, ga haifabola kuwa gaskiya ne, amma ma'anar da mu ka kafa ba ta hana haɗuwa ba. Lanƙwasar f(x) = x + x/(x² + 1) tana da layi y = x a gefe biyu, tana kuwa gitta shi a x = 0. Abin da a ke tambaya shi ne halin tazara can nesa, abin da ya faru a kusa ba ya shiga hukunci.

Aiki

Ga huɗu don masu karatu su gwada hannunsu, kowace a dube ta a duk gefen da ta ke da ma'ana, a kuma auna amsar da x = 100. Ta fari, (x² + 1)/x. Ta biyu, (3x² − x)/(x + 2). Ta uku, √(x² − 6x). Ta huɗu, 2x − √x. Wanda ya gama sai ya gwada da waɗannan: ta fari y = x, ta biyu y = 3x − 7, ta uku y = x − 3 a dama da y = −x + 3 a hagun. Ta huɗu kuwa hawanta 2 ne, amma ba ta da layi, kuma a dama kaɗai a ke iya tambayarta.